"Kusa" Mita Nawa Ne? Fashin Baƙi Kan Awo a Rahoton Hatsari

Duk lokacin da aka yi hatsarin mota, ana kwashe waɗanda suka ji rauni, a janye motocin, a share gilasan da suka farfashe, kafin awa ɗaya ko biyu titi ya koma kamar ba a yi komai ba. Daga nan gardama take farawa. Wannan ya ce direba gudu yake yi, wancan ya ce mai tsallakawa ne ya faɗo titi motar tana dab da shi. Sai a ce a ɗauko rahoto, shi ne zai raba gardama. Idan aka buɗe sai a tarar an rubuta: "Hatsarin ya faru kusa da mahaɗa. Motar ta bar dogon sawun birki. Mutumin ya ji babban rauni."

Tambayar da mutane da yawa suke yi ita ce, mene ne laifin wannan rubutu, tunda babu ƙarya a ciki? Kuma idan aka ce a maye gurbin "kusa" da "dogo" da lambobi, ba ƙarin wahala ba ce kawai ga mai rubutu? Ni a ganina waɗannan kalmomi uku, "kusa" da "dogo" da "babba", suna iya ɗora wa mai gaskiya laifi, su kuma wanke mai laifi, kuma zan nuna yadda hakan ke faruwa da lissafin hatsari guda ɗaya.

Me ake nufi da kalma mara iyaka?

Kalmomi irin su kusa, nesa, babba, ƙarami, da yawa, 'yan kaɗan, jim kaɗan, duk suna da hali ɗaya: ma'anarsu tana cikin kan mai magana ne. Direban babbar mota da ya saba doguwar tafiya, mita 200 kusa ce a wurinsa. Mai tafiya a ƙasa kuwa idan ya ce kusa, yana iya nufin taku biyar. Dukkansu gaskiya suka faɗa. A hira hakan ba ya hana fahimta, domin mai sauraro zai iya tambaya, ko a nuna masa da hannu. Rahoto kuwa wanda bai je wurin ba ne zai karanta shi, watakila bayan wata shida, lokacin da mai rubutun ma ya manta abin da ya gani.

Awo cikakke ya ƙunshi lamba da ma'auninta, da inda aka fara aunawa zuwa inda aka tsaya, sannan da yadda aka samo lambar. "Mita 14" kaɗai bai isa ba. "Mita 14 arewa da bakin kwalbatin, an auna da tef" shi ne abin da wani zai iya komawa wurin ya sake aunawa ya samu daidai. Wannan ita ce jarrabawar da nake gwada kowace jimla da ita: idan aka ba baƙo takardar nan da tef, zai iya zuwa ya tsaya daidai inda abin ya faru?

Sawun birki ɗaya, hukunci biyu

Mu ɗauki misali. Ƙaramar mota ta buge mai tsallaka titi da rana. Titin kwalta ne, a miƙe, babu gangara, a bushe, kuma iyakar gudun da doka ta yarda da shi a wurin kilomita 50 ne a awa. Direban ya taka birki, tayoyi suka kulle suka ja baƙin sawu, motar ta tsaya a ƙarshen sawun.

Masu binciken hatsari suna da lissafin da suka daɗe suna amfani da shi wajen gano gudun mota daga tsawon sawu:

```
v = √(254 × f × d)
```

A nan v shi ne gudu, kilomita a awa, d tsawon sawun a mita, f kuma lamba ce da ke nuna yadda taya ke kama titi. A busasshiyar kwalta ana yawan ɗaukar f a kan 0.7.

Idan "dogon sawun" nan mita 12 ne, lissafi zai ba da kilomita 46 a awa, wato direban bai wuce ƙa'ida ba. Idan mita 20 ne, gudun ya kai kusan 60. Idan mita 35 ne, ana maganar kilomita 79 a awa a inda aka ce 50. Duk ukun nan mutum zai iya tsayawa a gefen titi ya dube su ya ce dogo ne, ya rantse a kan haka da zuciya ɗaya. Amma direba na farko da na uku ba hukuncinsu ɗaya ba.

To mu ce mai rahoton ya auna, ya samu mita 20. Ya kuma lura da wani abu: a daidai mita 17 daga farkon sawun akwai kurjin da takalmin mutumin ya bari a kan kwalta lokacin da aka buge shi. Ya rubuta wannan ma. Dubi abin da waɗannan lambobi biyu suke buɗewa.

Mota mai gudun 60 tana cin mita 16.7 a kowace daƙiƙa. Direba ba ya taka birki a take da ya ga haɗari; sai ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta tashi daga totur ta koma birki. Masu bincike sukan ba wannan tsakani daƙiƙa ɗaya da rabi a matsayin ƙiyasi. A cikin wannan ɗan lokaci motar ta ci mita 25 ba tare da ta rage komai ba. Idan aka haɗa 25 da 17, za a ga cewa direban ya hango mutumin yana da tazarar mita 42 daga inda zai buge shi.

Yanzu sai a tambaya, da a ce yana tafiya a kan 50 fa? Daƙiƙa ɗaya da rabin nan za ta ci masa mita 21, birkin kuma ya tsayar da shi cikin mita 14. Jimla mita 35. Da ya tsaya cik saura mita 7 tsakaninsa da mutumin, da ba a yi hatsarin ba. Ke nan ƙarin kilomita 10 da ya yi shi ne ya jawo bugun. Babu yadda za a yi a kai ga wannan magana daga "dogon sawu" da "motar tana kusa".

Da kuma awon ya nuna mita 12, sai bincike ya juya wani wuri dabam. Sai a fara tambayar me ya hana direban ganin mutumin da wuri. Ko wata babbar mota ce aka ajiye a gefe ta tare masa gani? In haka ne, nisanta daga wurin tsallakawar mita nawa ne? Lamba ɗaya ce take nuna wa mai bincike ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Lambar f ba a kafe take ba. Idan aka gwada 0.65 da 0.75 a kan mita 20 ɗin nan, gudun zai faɗo tsakanin 57 da 62, shi ya sa mai bincike na ƙwarai yake ba da amsa a matsayin tsakani. Idan kuma titin a jiƙe yake, f na iya sauka zuwa wajen 0.45, sai sawun mita 20 ɗin ya nuna kilomita 48 kacal. Saboda haka rubuta "titi a bushe" ko "titi a jiƙe, ana yayyafi" yana da nauyi daidai da tsawon sawun. Sannan idan motar ta ƙare da dukan bango ko wata mota, lissafin yana ba da mafi ƙarancin gudu ne kawai, domin sauran ƙarfin ya tafi a karon. Motoci na zamani masu birkin ABS kuma, wato birkin da ke hana taya kullewa, sau da yawa ba sa barin baƙin sawu a fili, sai ɗan dishi-dishi da ke ɓacewa da wuri.

Yadda ake awon a wurin

Abu na farko shi ne a nemi abin da ba ya motsi. Turken wutar lantarki mai lamba, bakin kwalbati, ginshiƙin gada, dutsen da ke nuna kilomita. Motar da aka ajiye ko rumfar wucin gadi ba su da amfani, gobe babu su. "Mahaɗa" ma ba ta isa ba, domin mahaɗa fili ce mai faɗi. Sai a faɗi wane lungu nata, misali bakin kwaltar da ke kusurwar gabas.

Daga nan hanya biyu ce aka fi bi. Ko dai a shimfiɗa tef a miƙe a bakin titi daga wannan tabbataccen wuri, kowane abu a ba shi lamba biyu, nisansa a tsawon tef ɗin da nisansa zuwa cikin titi. Ko kuma a zaɓi tabbatattun wurare biyu, a auna tsakaninsu, sannan a auna nisan abin daga kowannensu. Hanya ta biyu ta fi dacewa a kwana, inda babu miƙaƙƙen gefe. Mota kuwa ba a auna ta da ɗigo ɗaya. Ana ɗaukar aƙalla tayoyi biyu na gefe ɗaya, domin a san inda ta fuskanta lokacin da ta tsaya.

Sawun birki yana da nasa tarkon. Farkonsa ba baƙi ba ne, wata 'yar inuwa ce da taya ke bari kafin ta yi zafi. Wanda ya tsaya a kansa yana kallon ƙasa ba zai gan ta ba. Sai ya ja baya ya tsuguna, ya kalli titin a kwance kamar mai leƙen ƙarƙashin ƙofa, wani kuma ya riƙe alli yana matsawa har a ce masa tsaya nan. Wannan tsugunnin kan ƙara mita ɗaya ko biyu da za a yi asararsu. Kuskure na biyu akasin wannan ne: a fara awo daga inda sawun tayar baya ya soma, a ƙare a inda tayar gaba ta tsaya. Wanda ya yi haka ya ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a kan sawun, kimanin mita biyu da rabi a ƙaramar mota, ya ɗora wa direba gudun da bai yi ba. Kowace taya sawunta ake bi daga farko zuwa ƙarshe.

Idan babu tef fa? Akwai taku. Sai dai takun kowa dabam ne, don haka mai rahoto ya rubuta adadin takun da ya ƙirga a wurin, daga baya ya auna mita 10 a wani waje ya ga taku nawa yake yi a ciki. Sai ya rubuta: "taku 26, takuna 13 ne mita 10, kimanin mita 20." Wannan ya fi "dogo" nesa ba kusa ba, kuma bai yi da'awar abin da ba a yi ba. Wayar hannu ma tana ba da lambobin wuri, amma ko a fili tana iya kaucewa da wajen mita 5. Ta isa a gane wace mahaɗa ce, ba ta isa a ce wane hannu na titi motar take ba. Hoto kuma yana ruɗi kan girma, sai an ajiye tef ko rula a gefen abin da ake ɗauka.

Hujjar masu cewa a yi hattara

Akwai masu ja da wannan kira, kuma ban ɗauki maganarsu da wasa ba. Na farko suna cewa wanda ya fara isa wurin hatsari ceton rai ne a gabansa. Wannan gaskiya ce tsagwaronta, babu wanda zai bar mutum yana zubar da jini ya kama tef. Amma kewaye tayoyi da alli ko fenti kafin a janye mota bai kai minti ɗaya ba, awon kuma ya jira har motar asibiti ta tashi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Idan aka matsa wa mutane lallai sai sun kawo lamba, za su ƙirƙiro ta. Jami'in da bai auna ba zai rubuta "mita 18.5" don takarda ta yi kyau, kuma wannan ya fi "dogo" illa, domin mai karanta "dogo" ya san bai san komai ba, mai karanta 18.5 kuwa zai gina hukunci a kai. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Maganinsa shi ne kowace lamba ta zo da asalinta: an auna da tef, an ƙirga da taku, ko ƙiyasin ido ne. Ƙiyasi kuma a ba shi baki biyu, "tsakanin mita 15 zuwa 25". Wanda ya auna da taku bai kamata ya sa ɗigo da santimita ba, tunda takunsa bai kai wannan daidaito ba.

Lamarin ya fi tsanani a bakin shaidu. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hotunan bidiyo na karon motoci, sannan suka tambaye su gudun motocin. Abin da suka sauya kawai shi ne kalmar aikatau a cikin tambayar. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin motocin sun "ragargaje" sun ba da gudun da ya ɗara na waɗanda aka ce wa sun "taɓa juna" da kusan mil 9 a awa, alhali abu ɗaya suka kalla. Don haka idan ganau ya ce "motar tana kusa", kada mai rahoto ya ce masa "kamar mita goma ko?", domin zai ce e, lambar kuma ta mai tambaya ce. A rubuta kalmarsa yadda ya faɗa. Sannan a ce masa, "Malam, zo ka nuna mini inda kake tsaye, ka nuna mini inda motar take lokacin da ka fara ganinta." Ya nuna, a auna, a rubuta cewa wurin da shaida ya nuna ne aka auna. Mutane ba su iya faɗin mita ba, amma sun iya cewa "daidai wancan turken".

Babban rauni, mutane da dama, jim kaɗan

Ba tazara kaɗai ake ɓatawa ba. "Babban rauni" a bakin mai kallo yana nufin jini ya yi yawa, alhali yankan fatar kai kan zubar da jini sosai ba tare da ya yi zurfi ba, wanda kuma jini ke zuba a cikin cikinsa yana iya tashi ya yi tafiya. Hukumomin da suka daɗe a harkar bincike sun ɗaure irin waɗannan kalmomi da lamba. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, daga cikin abin da ke sa a kira rauni mai tsanani akwai kwanciya asibiti fiye da awa 48 da ta fara cikin kwana 7 daga jin raunin, ko ƙunar da ta shafi fiye da kashi 5 cikin ɗari na fatar jiki. A ƙididdigar hatsarin mota kuma, ma'anar wanda hatsari ya kashe da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita ita ce wanda ya mutu cikin kwana 30 sakamakon hatsarin. Wanda ba likita ba ne ya rubuta abin da idonsa ya gani: yanka mai tsawon kimanin santimita 6 a damtsen hagu, yana magana, bai iya taka ƙafar dama ba.

"Mutane da dama" a ƙirga su: shida ne a motar, huɗu aka kai asibiti, biyu suka tafi da ƙafarsu. "Jim kaɗan" a duba agogo: an kira 14:10, motar asibiti ta iso 14:32. Kuma kada a bar lamba babu ma'auni. A 1983 wani jirgin Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya ƙare da mai yana sama, ya sauka ba inji a Gimli da ke ƙasar Kanada, saboda a lissafin man an cakuɗa fam da kilogiram, aka tashi da ƙasa da rabin abin da ake buƙata.

Wa abin yake shafa?

Direban da ke kan ƙa'ida, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar babban lauya, tsawon sawun nan ne kaɗai shaidar da ba ta jin tsoron kowa. Iyalan wanda aka buge kuma, idan kamfanin inshora ya ce ai shi ya faɗo titi, lissafin mita 42 da mita 35 ne zai tsaya musu. Idan rahoto ya zo da "kusa" da "dogo", kowane ɓangare sai ya cika gurbin da abin da ya yi masa daɗi, wanda ya fi iya baki ko ya fi ƙarfi ya yi nasara.

Sai kuma masu gyaran titi. Injiniya yana gane wuri mai haɗari ne idan ya ɗora rahotanni a kan taswira ya ga sun taru a ɗigo ɗaya. Rahoto goma da suka ce "kusa da gada" suna iya warwatsuwa a kan kilomita guda, ba za su nuna masa komai ba. Da a ce bakwai daga cikinsu sun ce tsakanin mita 60 zuwa 90 kudu da ginshiƙin gadar, a hannun masu gangarowa, da zai je daidai nan ya tsaya, ya duba ko kwanar ce take ɓoye abin da ke gaba, ko ruwa ne ke kwanciya a kan kwalta.

Ga yadda rahoton farkon nan zai kasance idan aka sake rubuta shi: "Hatsarin ya faru da ƙarfe 14:05, a kan busasshiyar kwalta mara gangara, inda iyakar gudu kilomita 50 ne a awa. Sawun tayar gaba ta dama ya fara mita 31 kudu da bakin kwalbatin da ke kusurwar gabas ta mahaɗar, tsawonsa mita 20, an auna da tef. Akwai kurjin takalmi a mita 17 daga farkon sawun, mita 1.8 daga bakin kwalta. Motar ta tsaya a ƙarshen sawun tana fuskantar arewa. Wanda aka buge mutum ɗaya ne, yana magana, bai iya taka ƙafar dama ba. An kira motar asibiti 14:10, ta iso 14:32, ta tafi da shi 14:40."